Ma'azu da Masu Ƙaramar Waya

An haifi Ma'azu a wani ƙauye arewa da Affala, shekarar da mahaifinsa ya tafi Abijan karo na uku. Mahaifin bai sake dawowa ba sai a hoto, don haka uwar ta ɗauki jaririnta ta koma gidan wanta Ciɗo, can wajejen Tebaram. Ciɗo ne ya reni Ma'azu, shi ne kuma ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Ba son boko ya ja shi ba. An ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, 'ya'yan Ciɗo kuwa sun iya kiwo, Ma'azu ne kaɗai ke fita da awaki goma ya komo da tara. Da aka zo zaɓen wanda gidan zai iya rasawa, ba a yi doguwar shawara ba.

Ya yi karatu daidai gwargwado. Ya zo Tawa ya yi lise, wato babbar sakandare, ya zauna jarrabawar ƙarshe sau biyu, sau biyu ta ƙi shi. Daga nan ya yi shekara tara yana koyarwa a makarantun ƙauye. Tun a can aka san halinsa. Wata rana sufeto ya zo ya duba takardu, ya yaba masa, ya ce matsakaicin makin ajinsa sha ɗaya cikin ashirin ne, ba laifi. Ma'azu ya ce a cikin ajin babu yaro ko ɗaya mai sha ɗaya: 'ya'yan masu kanti na da sha bakwai, waɗanda ke zuwa bayan sun shayar da dabbobi na da biyar. Sufeto ya rubuta wani abu a littafinsa. Shekara ta gaba aka mai da Ma'azu wani ƙauyen da ya fi nisa.

Ya koyi na'ura mai ƙwaƙwalwa a wani shagon buga takardu kusa da tasha, lokacin hutu. Da ita ya bar alli. Yanzu shekararsa arba'in da ɗaya, yana da mata da 'ya'ya huɗu da tsohon babur, yana aiki a reshen Tawa na wata ƙungiya mai aika wa makiyaya da manoma saƙo ta waya. Aikinsa shi ne tablo, wato jadawalin lissafi: lambobi su shigo, ya jera su, ya fitar da abin da suka ce. A biro, wato ofis, ana kiransa Mushe, yadda 'yan lakwal ke kiran malami, saboda tsohon aikinsa, kuma saboda ba ya iya amsa tambaya a gajarce.

Saƙon da ya fi muhimmanci cikin duk abin da ƙungiyar ke aikawa shi ne na rigakafin dabbobi. Masu allura ba sa daɗewa a wuri. Su kwana ɗaya a wannan turke inda ake tara dabbobi, gobe sun wuce. Wanda bai ji ranar ba, sai baɗi. Shekara uku ana sanar da ranar ta hanyar kira: waya ta yi ƙara, mutum ya ɗauka, wata murya da aka naɗa ta yi sallama da Hausa ko da Buzanci, ta faɗi rana da wuri, ta ce in za ka kawo dabbobinka ka danna ɗaya. Kawu Ciɗo na cikin masu samun wannan kira. Yana amsa wa muryar sallama har da tambayar gida, kuma ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai ladabi irin wannan ba, sai dai ba ya saurare.

Bana babban biro na Yamai ya ce zai gwada sabuwar hanya, wato gajeren saƙo a rubuce. Mai babbar waya ta shafa, in ya taɓa saƙon, hoto ya buɗe da taswira da murya, ya taɓa wuri ɗaya ya amsa. Mai ƙaramar waya mai maɓalli kuwa rubutun kawai zai gani, ya mai da amsa da ɗaya. Dalilin gwajin a fili yake: yarjejeniya da kamfanin da ke tura kiran murya za ta ƙare ƙarshen Disamba, masu ba da tallafi kuma sun ce hanya ɗaya za su ci gaba da ɗauka, ba biyu ba. Wadda ta ci ita za ta zauna.

An yi gwajin da sanarwar farko ta shekara, mai tambayar wa zai kawo dabbobinsa in lokaci ya yi. An yi shi yadda ya kamata, Ma'azu da kansa ya shaida. Lambobi dubu goma sha biyu ke cikin rajista. Na'ura ta raba su biyu da ƙuri'a, dubu shida suka sami murya, dubu shida suka sami rubutu. A kowane ɓangare aka sake ƙuri'a kan lokaci: wasu da safe ƙarfe bakwai, wasu ƙarfe ɗaya na rana, wasu shida na yamma. Aka jira mako biyu.

Ranar Litinin da sakamako ya zo, Faisal ne ya fara gani. Faisal ɗan Maraɗi ne, shekararsa talatin, shi ke kula da yaɗa labarin ƙungiya, shi ne kuma ya zana hoton da ke cikin sabon saƙon. Ya shigo ɗakin Ma'azu yana kaɗa takarda.

"Mushe, tashi ka yi mini gaisuwa. Ashirin da takwas cikin ɗari. Muryarku ashirin da huɗu. Tsohuwa ta faɗi."

"Barka," in ji Ma'azu. "Ashirin da takwas ɗin su wa ne ne?"

"Mutane mana."

"Waɗanne?"

"Kai Ba'adare, ko aljanna aka sa ka sai ka tambayi wa ya yi rajista. Ga shi nan a rubuce: dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin sun amsa rubutu, dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in sun amsa murya. Ko wannan ma sai an kira sufeto?"

Lissafin daidai ne, bambancin kuma ya fi ƙarfin a ce sa'a ce. Ma'azu bai musa ba. Ya jira Faisal ya fita, ya jawo tablo, ya raba shi bisa irin waya. Wannan layin abin dogara ne, domin masu rajista sun ga wayar kowa da idonsu kafin su rubuta. A kowane ɓangare masu babbar waya dubu uku da ɗari shida ne, masu ƙarama dubu biyu da ɗari huɗu. Ba don haka arewacin Adar, ƙasar su Ma'azu, yake ba. An dai yi rajista ne inda mota ke iya zuwa, an kuma fara da kasuwar dabbobi ta Tawa.

Masu babbar waya: murya ashirin cikin ɗari, rubutu arba'in da biyu. Dillalai da 'yan kasuwa ba sa ɗaukar kiran lambar da ba su sani ba, amma suna son hoto. Masu ƙarama: murya talatin, rubutu bakwai. Wato a inda mutum ɗari bakwai da ashirin suka amsa murya, ɗari da sittin da takwas ne suka amsa rubutu. Sauran sun sami saƙon, wayarsu ta yi ɗan kuka, suka duba suka ga tsutsotsin boko, suka mai da ita aljihu. Ribar mutanen gari ta rufe asarar mutanen daji har ta yi saura, sauran nan shi ne huɗun da Faisal ke rawa a kansa.

Ya sake raba masu ƙaramar waya bisa lokaci. Kowane lokaci mutum ɗari takwas. Murya da safe, talatin cikin ɗari. Da rana, sha biyu. Da yamma, arba'in da takwas, abin da ko hoton Faisal bai samu ba a gun masu babbar waya. Ma'azu bai yi mamaki ba. Da rana mutum na daji, wayar na rataye a bukka a kashe don kada caji ya ƙare kafin ranar kasuwa. Da yamma ake kunna ta, a hau tudun da rezo yake, inda waya ke kamawa, a jira ko ɗa zai kira daga bakin teku. Rubutu kuwa bai damu da lokaci ba: safe da rana da yamma, shida, bakwai, takwas.

Ya kai wa Faisal. Faisal ya duba, ya ce a ba shi tablon. Da la'asar ya dawo da fara'a.

"Ni ma na iya yanka, Mushe. Duba nan. Ƙaramar waya, shekara talatin da shida zuwa hamsin, ƙarfe ɗaya na rana, gundumar Affala. Rubutu arba'in da huɗu cikin ɗari, murya goma. Ka ga ashe 'yan ƙauyenku na karatu."

"Mutum nawa ne?"

"Mene ne ruwanka da..."

"Nawa?"

"Tara. Huɗu sun amsa."

"Ɗayan ɓangaren fa?"

"Goma. Ɗaya ya amsa."

"Gida nawa ka buɗe kafin ka sami wannan?"

Faisal ya ce bai ƙirga ba, wataƙila hamsin. Ma'azu ya ce in ka yanka tablo gida hamsin, dole ka tarar da gidan da ya faɗi abin da kake so, ko da kuwa saƙon biyu iri ɗaya ne. A gida mai mutum tara, in mutum biyu suka je jana'iza ranar, sakamakon ya juye. Ya ce nasa rabon mutum dubu biyu da ɗari huɗu ne a kowane gefe, kuma irin waya abu ne da aka rubuta tun kafin gwaji cewa za a duba. Faisal ya ce, "To, Mushe, a ba ni sifiri in tafi gida." Ba mugu ba ne. Washegari shi ya taya Ma'azu zana rahoton da launi, ya sa masu ƙaramar waya da ja.

Layin shekaru ne ya tsaya wa Ma'azu a wuya. Bisa rajista, cikin masu ƙaramar waya dubu huɗu da ɗari takwas, dubu huɗu ba su kai shekara talatin da shida ba. Waɗanda suka haura hamsin ɗari biyu da sittin ne kacal. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyen Adar bayan girbi ya san wannan ba zai yiwu ba. Da zarar hatsi ya shiga rumbu, samari sun hau mota, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Wa ya rage da zai riƙe waya dubu huɗu?

Ya nemo lambar kawunsa. Ga abin da tablo ya ce game da mai lambar: namiji, shekara ashirin da bakwai, ƙaramar waya, ɓangaren rubutu, ƙarfe ɗaya na rana, bai amsa ba. Sunan kuwa Haruna, autan Ciɗo, wanda ke sayar da takalma a Abijan shekara biyu ke nan.

Ya jira yamma ya kira.

"Kawu, ina wuni? Ina gida, ina bisashe, tumakin lafiya?"

"Lahiya lau, Ma'azu. Ina ɗiya? Ka tuna da mu yau."

"Kawu, lokacin da masu rajista suka zo, katin shaidar wa aka ba su?"

"Na Haruna mana. Sunka ce sai da kati. Ni nawa tun zaɓen wancan karo ban san inda ya shiga ba. Dut garin haka munka yi, kowa ya ba da na ɗanai, lokacin ba su tahi ba. Laihi ne?"

"Ba laifi. Wani saƙo ya shigo maka kwanan baya?"

"Awo, wani abu ya shigo. Na nuna ma Rissa, shi ma ya jujjuya ta, ya ce ƙila masu waya ne ke son kuɗi. Munka bar shi. Kai, mutumen nan mai sallama, mi ya same shi? Bai kira ba bana."

Rissa maƙwabcin Ciɗo ne, Buzu mai raƙuma uku da tumaki, wanda ake kai wa duk abin da ya shige duhu don ya taɓa zama a Agadas. Ma'azu ya ce wa kawunsa mutumin na nan lafiya, zai kira.

Abu ɗaya ne ka san gaskiya, wani abu ne daban ka sa ta a tablo. Ma'azu ya bi hanyar da ya sani. Ya jera lambobin "samarin" nan dubu huɗu, ya sa na'ura ta zaɓo sittin da ƙuri'a, don kada a ce ya tsinci tsofaffin da ya sani. Yamma uku yana kira daga tsakar gidansa, matarsa Zaliha na tankaɗe tana saurare. Hamsin da biyu suka ɗauka. Tambayar shekara ta ba shi wahala. Wani ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye gero. Wata ta ce ita dai ta aurar da jika. Wani ya ce, "Shekaruna? Su wa ka tambaya?" ya kashe waya, sai da aka sake kira. A ƙarshe talatin da bakwai cikin hamsin da biyu iyaye ne, maza da mata, waɗanda suka haura hamsin ko ta wane lissafi. Tara matan aure ne da miji ya bar wa waya. Shida ne kaɗai masu katin da kansu.

Zaliha ta ce, "To yanzu da ka gane tsofaffi ne, za a ƙara musu wani abu?"

"Za a san su wa ne ne."

"Su ai sun san kansu."

Ranar Alhamis Madam Safi ta zo daga Yamai. Ita ce shugabar shirin, mace mai natsuwa, ta yi karatu mai zurfi, kuma tana karanta rahoto har ƙarshe, abin da ba kowane shugaba ke yi ba. Aka zauna su uku a ɗakin taro, fanka na juyawa. Ma'azu ya yi bayani minti ashirin. Ya ba da shawara ɗaya: a bar wa masu babbar waya rubutu, a bar wa masu ƙarama murya, a riƙa kiransu da yamma kaɗai. Ya nuna cewa in yamma ta ci gaba da ba da abin da ta ba da, kowane ɓangare zai haura arba'in.

"Mushe Ma'azu," in ji ta, "wannan aiki ne mai kyau. Da gaske nake. Da ba ka raba ba, da mun tura wa kowa rubutu muna murna da ashirin da takwas, alhali mun yi wa masu tallafi alkawarin talatin da biyar. Da mun faɗi ba mu san dalili ba."

"To a bar muryar, Madam."

"Murya ta ƙare talatin da ɗaya ga Disamba. Na roƙa, na rubuta sau biyu. Sun ce hanya ɗaya. In na zaɓi murya kaɗai, na yar da mutum dubu bakwai da ɗari biyu da ba sa ɗaukar kira. In na zaɓi rubutu, na yar da dubu huɗu da ɗari takwas. Kai ne mai lissafi, wanne ya fi yawa?"

"Dubu bakwai ɗin dillalai ne, Madam. Suna zaune a kasuwa, ko ba mu faɗa ba za su ji. Dabbobin suna gun dubu huɗun."

"Akwai layin yawan dabbobi a tablo?"

"Babu."

"To ka gani."

Ta buɗe shafin shekaru. Ta ce abin da ya kwantar mata da hankali shi ne wannan: masu ƙaramar waya kusan duk samari ne, kashi tamanin da uku cikin ɗari. Saurayi kuwa ba ya daɗewa da ƙaramar waya. Shekara ɗaya, biyu, ya je ci-rani ya dawo da babba, ya shigo da kansa. Matsala ce mai warware kanta.

Nan Ma'azu ya fito da takardarsa ta mutum hamsin da biyu. Ya faɗi zancen kati, ya faɗi zancen Haruna. Madam Safi ta karanta a hankali.

"Na yarda da kai," ta ce. "Ni ma kakata da katin ƙanena take karɓar saƙo. Amma dubi abin da zan kai. A hannu ɗaya rajista mai kati, mutum dubu huɗu. A ɗaya hannun mutum hamsin da biyu da ma'aikacinmu ya kira da wayarsa, ɗaya ya ce an haife shi shekarar fara."

"Da ƙuri'a na zaɓe su, Madam. Talatin da bakwai cikin hamsin da biyu ba sa'a ba ce. Ko an yi kuskure, fiye da rabi tsofaffi ne."

Faisal ya yi gyaran murya. "Mushe, ba kai ka ce mini kada in dogara da ƙaramin gida ba?"

"Naka tara ne, ka kuma tsince shi cikin hamsin. Nawa tambaya ɗaya ce na yi, sau ɗaya."

"Wasa nake, wallahi," in ji Faisal, ya sunkuyar da kai, don ya ga ba wanda ya yi dariya.

Madam Safi ta ce akwai wani abu kuma. In ta rubuta cewa layin shekaru ƙarya ne, ta rubuta ke nan cewa rajistar da aka yi shekara uku ana kai rahoto da ita ƙarya ce, kuma masu tallafi sun fi son shirin ne tun farko saboda yawan matasan da ke ciki. Za ta iya rasa murya da rubutu gaba ɗaya. Ta ce za ta sa takardarsa a ƙarshen rahoto, a matsayin abin da ya kamata a bincika nan gaba. Ta cika alkawari. Takardar tana shafi na talatin da ɗaya.

Hukuncin ya zo bayan kwana goma, a wasiƙa mai sakin layi uku. Na farko ya gode wa reshen Tawa, ya ambaci sunan Ma'azu, saboda nazarin da ya nuna ainihin inda sabuwar hanya ke aiki. Na biyu ya ce daga Janairu rubutu kaɗai za a tura. Na uku ya ce tun da nazarin ya tabbatar cewa rubutu ba ya amfanar masu ƙaramar waya, babu dalilin ci gaba da damunsu da shi. A cire lambobinsu daga jerin aikawa, a ajiye su har zuwa mataki na gaba. Ba a faɗi ranar mataki na gaba ba. An nemi Mushe Ma'azu, da yake shi ya fi sanin tablon, ya fitar da jerin waɗanda za a cire kafin Juma'a.

Aikin bai kai minti biyar ba. Ya tace layin waya, ya zaɓi "ƙarama", lambobi dubu huɗu da ɗari takwas suka fito, ya kwashe su zuwa wani fayil. Da aka bar su a ciki, da ko bakwai cikin ɗari sun riƙa ji. Ya ga wannan sarai, ya kuma ga cewa da bai raba tablon ba, da ba wanda ya san inda za a yanka. Ya aika, ya fita ya sayi goro.

Rahoton Janairu ya nuna arba'in da ɗaya cikin ɗari. Aka yi taro ta bidiyo, aka tafa. Wani daga masu tallafi ya tambayi yadda aka yi tsalle daga ashirin da huɗu, aka ce masa an bi abin da bayanai suka nuna, ya ce haka ake so.

Masu allura za su isa yankin Tebaram tsakiyar watan da ya biyo baya. Ma'azu ya ga jadawalin tun da wuri, don ta hannunsa yake bi. Ya kira kawunsa da yamma.

"Kawu, ranar Talata mai zuwa, turken bakin rijiya. Tun da safe. Ka gaya wa Rissa, ka faɗa a masallaci."

"To, madalla. Kai ne ka karɓi aikin mutumen?"

"Ya bar aiki, Kawu."

"Ayya. Korar shi anka yi?"

"Kusan haka."

"Ai na san za a rina. Mutum ka yi mishi magana ba ya amsawa. Amma yana da sallama, Allah ya ba shi wani. Kai ka riƙa kira, muryarka ma ba ta da laihi."

Fayil ɗin na nan a na'urarsa, ba wanda ya ce ya goge. Ya buga shi a takarda, ya jera bisa ranar da masu allura za su isa kowane wuri, ya fara kira daga sama, da wayarsa, tsakanin shida da magariba. Nan ya gano abin da muryar da aka naɗa ta fi shi: ita ba ta jiran amsa. Shi kuwa sai ya ji lafiyar gida da ta bisashe, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya rantse ba kuɗi yake nema ba, ya maimaita ranar sau biyu. Kowane kira minti huɗu, in rezo bai yanke ba. Yamma ɗaya, mutum sha biyar. Ya lissafa a bayan takardar, domin hannunsa ba ya iya bari: kwana ɗari uku da ashirin. Masu allura za su gama da arewa cikin kwana ashirin da ɗaya.

Ya yi yamma shida. Ya sami mutum saba'in da ɗaya. Rana ta bakwai ƙaramar 'yarsa ta kwana da zazzaɓi, aka je asibiti, rana ta takwas akwai suna a gidan maƙwabci, ta tara kuwa ya duba jadawali ya ga ƙauyukan da ke shafi na biyu an riga an wuce su. Ya ninke takardar ya sa a aljihun babur.

Ciɗo ya kai tumakinsa ranar Talata, shi da Rissa da wasu gidaje na garinsu. Game da sauran, Faisal ya tambayi Ma'azu wata rana suna shan shayi, ko an san nawa suka kai dabbobi bana. Ma'azu ya ce ba a sani ba. Masu allura na ƙirga kawunan dabbobi, ba lambobin waya ba, ƙungiya kuma na ƙirga waɗanda ta aika wa saƙo. Wanda ba a aika wa ba, ba ya cikin waɗanda suka amsa, ba ya cikin waɗanda suka ƙi.

Yana nan a biron har yanzu. A watan Maris aka ba shi sabon gwaji, a gano ko masu babbar waya sun fi taɓa maɓalli kore ko shuɗi. An roƙe shi musamman ya raba sakamakon bisa shekaru da lokaci, tun da ya ƙware. Ya raba. Kore ya ci da safe, shuɗi ya ci da rana, bambancin bai kai a yi magana ba, ya rubuta haka, ya aika.